Hayaƙin turarena ya ƙi fitowa a bidiyo, ku taimaka mini da tsari

Maman Khairat:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka san harkar ɗaukar bidiyo. Turaren wuta da humra nake haɗawa a gida a nan Kano, shekara huɗu ke nan, kuma duk cinikina ta bakin mutane ne sai hotunan da nake ɗorawa a sitatus. Yanzu da bukukuwan ƙarshen shekara suka kankama ina son ɗan bidiyon talla na daƙiƙa 20 zuwa 30. Na tambayi masu ɗauka, kuɗin da suka yanka mini ya fi ƙarfin jarina. Naira 10,000 kawai zan iya warewa, sai wayata Tecno, sai ƙanina da zai riƙe mini.

Ranar Asabar mun gwada a tsakar gida bayan azahar, don mun ga lokacin ne haske ya fi yawa. Na zuba garwashi a kasko, na sa turare, hayaƙi ya tashi har yana shiga ido, amma a bidiyon ko alamarsa babu. Sitikar kwalbar humra ta yi fari fat, ba a karanta sunan. Launin tabarmar kuma sai canzawa yake, yanzu ja-ja, an jima shuɗi-shuɗi. Ga ƙarar injin markaɗen maƙota daga farko har ƙarshe. Don Allah ina kuskuren yake? Wayar ce ba ta da kyau?

Abba Dijital:
Wa alaikumus salam Anti. Ba wayar ba ce, lokacin ne. Ba a ɗaukar bidiyo da tsakar rana. Ki bari sai rana ta kusa faɗuwa ta yi jawur, wajen 5:30, ki sa kyamarar a 4K, za ki sha mamaki. Duk tallan da kike gani yana sheƙi a wannan lokacin ake yinsa.

Ummu Sultan:
Ni dai shawarata ki sayi fitilar nan mai zagaye ta masu kwalliya ki huta. Da ita nake ɗaukar lallen da na yi wa amare, ko da dare ne tas yake fitowa.

Malam Sadiƙ mai kyamara:
Hajiya, sannu da ƙoƙari. Na yi shekaru ina ɗaukar biki da ƙananan tallace-tallace, kuma abin da ya same ki na san shi sarai. Bari in fara da hayaƙin, don shi ne ran tallan.

Ba yawan haske ne ke fito da hayaƙi ba. Yana fitowa ne idan haske ya ratso shi daga baya ko daga gefe, kuma abin da ke bayansa duhu ne. Ki tuna da safe in ana shara a ɗaki, rana ta shigo ta taga, kina ganin ƙura tana yawo a cikin hasken ɗaya bayan ɗaya. Ki fita tsakar gida, ƙurar tana nan amma ba kya ganinta. Ke kin sa farin hayaƙi a gaban bango mai haske, rana kuma tana dukansa daga sama. Ko da kyamarar da ake fim da ita ce ba zai fito ba. Ga iska kuma, a waje hayaƙi ba ya tsayawa ya murɗa, watsewa yake.

Don haka fitilar da Ummu Sultan ta ce ba za ta yi miki maganin wannan ba. Ita daga gaba take haskawa, daga inda wayar take. Ta yi daidai da lalle da fuska, amma a hayaƙi bangon baya za ta haskaka, a kwalba kuma za ki ga farin zobe ya zauna a tsakiyar gilashin.

Abba kuma ya faɗi rabin gaskiya. Tsakar rana ba ta da kyau, haka ne. Amma 5:30 a fili ne take aiki, ba a cikin gida mai katanga ba. A wannan watan na Disamba rana tana faɗuwa a Kano wajen 6:00, kuma a ƙasarmu kusan a miƙe take sauka, ba ta jan jiki. In katangarki ta kai mita biyu da rabi, tsakar gidan kuma faɗinsa mita biyar ne, to tun wajen 4:00 katangar yamma ta rufe miki rana. Jan hasken nan da Abba ke nufi a saman rufin maƙota za ki hango shi, ba zai sauko kan kaskonki ba.

Abba Dijital:
Na yarda da batun katanga Malam, ni a bene nake ɗauka shi ya sa ban lura ba. Amma 4K fa ina nan a kai. Ai ya fi fitar da komai.

Malam Sadiƙ mai kyamara:
Yana fitarwa a wayarka. Da zarar ta ɗora a sitatus, WhatsApp zai matse shi ya koma ƙasa da 1080p ma. Abin da za ta samu shi ne memori ya cika, don minti ɗaya na 4K yakan ci ninki biyu zuwa uku na 1080p, wayar ta ɗau zafi, kuma CapCut, manhajar haɗa bidiyo, ya dinga sarƙewa in an zo haɗawa. Wuri ɗaya zan yarda da shi, in an jima zan faɗa.

Hajiya, kafin ki sake kunna garwashi ga aikin da zan ba ki, ba ya cin ko sisi. Gobe kada ki ɗauki komai na talla. Ki zaɓi wuri uku a gidan: ɗaki mai taga, baranda ko rumfa in akwai, da bakin soro. Daga 7:00 na safe zuwa 5:00 na yamma, duk awa ki je kowane wuri ki ɗauki hoto ɗaya, kwalbar humra tana ajiye a wurin. Da dare ki jera hotunan ki duba. Su za su gaya miki wane wuri ne yake da haske a wane lokaci. Kada ki ce mini tagarki tana kallon gabas ki tsaya nan, don mu abin da muke cewa gabas sau da yawa alƙibla muke nufi, ita kuwa daga Kano ta ɗan karkata arewa, rana kuma da hunturu ta kudu-kudu take fitowa. Sai an gani da ido.

Hajiya Binta Sabon Titi:
Ni ban san kyamara ba, amma shekara ashirin ina sayar da kayan ɗaki da na lefe, na san mai saye. Ƙanwata, kafin ku nutse a maganar haske, me kike son matar da ta gani ta yi? Turare ba a jin ƙamshinsa ta waya. Abin da ke sa mace ta tambayi kuɗi shi ne ta ga kayan a jiƙe yake da mai, ba busasshen icce aka yayyafa wa turare ba, ta ga kwalbar a cike, ta ga tsabtar hannun da ya haɗa. Ki nuna cokali yana ɗebo turaren yana maiƙo. Wannan ya fi mini hayaƙin. Kuma ki faɗi kuɗin a ciki. Masu cewa "a biyo ni ta bayan fage" suna korar mutane ba su sani ba.

Maman Khairat:
Na gode ƙwarai Hajiya, Allah ya ƙara girma. Batun cokalin ban taɓa kawo shi a raina ba. Kuɗin ne nake tsoron sawa, don kayan haɗi kullum tashi suke, kada bidiyon ya tsufa a wata ɗaya.

Hajiya Binta Sabon Titi:
To a rubuce za ki sa shi a ƙarshe, ba da baki ba. In ya canza ƙaninki ya goge ya sake rubutawa. Ko ba ya yiwuwa, Malam Sadiƙ?

Malam Sadiƙ mai kyamara:
Yana yiwuwa, ranki ya daɗe, aikin minti biyu ne in ba a goge aikin daga CapCut ba.

Maman Khairat:
Malam, na yi aikin da ka ba ni jiya. Ga abin da na gani. Ɗakina: rana tana shigowa ta taga daga wajen 8:15, ta sauka a ƙasa kusa da gado kamar an shimfiɗa farin ƙyalle, zuwa 9:30 ta janye. Bayan nan ɗakin da haske amma babu rana. Baranda: da safe rana ƙwal, daga la'asar inuwa ce mai kyau. Soro: ƙofarsa arewa take kallo, rana ba ta shiga ko sau ɗaya, amma hotunan duka iri ɗaya suka fito daga safe har yamma, kuma a nan ne kaɗai na iya karanta sunan da ke kan sitikar. Matsalar soron yara da masu wucewa da ƙura.

Malam Sadiƙ mai kyamara:
Alhamdulillahi, kin gama rabin aikin. Gidanki ya ba ki haske iri uku, kowanne da abin da ya dace da shi. Yanzu sai a raba ɗauka bisa hasken, ba bisa yadda za su jeru a bidiyon ba. Jerawa aikin dare ne a CapCut.

Ɗakinki daga 8:15 zuwa 9:30 na hayaƙi ne kawai, kada ki ɓata shi da wani abu. Tun 7:30 ki hura gawayi a waje ya zama garwashi sosai, don ɗanyen gawayi nasa hayaƙin yake yi, mai kauri mara kyau. Ki kashe fanka, ki kashe ƙwan lantarki, ki rufe ƙofa. Ki ɗora kaskon a kan 'yar kujera a inda ranar ke sauka, yadda hayaƙin in ya tashi zai bi ta cikin hasken. Ki samu baƙar abaya ko baƙin mayafi mara sheƙi ki rataya a baya, nesa da kaskon da mita ɗaya ko fiye, a inda ranar ba ta taɓa shi. In rana ta taɓa abayar za ta koma toka-toka, an koma gidan jiya. Wayar kuma ta zauna ta ɓangaren da ke fuskantar tagar a kaikaice, wato hasken yana tahowa daga bayan kaskon ta gefe, amma ita tagar ba ta cikin hoton.

Kada ƙaninki ya riƙe wayar a hannu a wannan ɗaukar. Ku cika kofi ko kwanon awo da shinkafa, ku soka gindin wayar a ciki a tsaye, za ta zauna daram kuma kuna iya karkata ta yadda kuke so. A goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi, wayar da ke yawo a hannun mai haɗa turare ba ta rasa maiƙo. A sa Airplane mode kada kira ya yanke.

Sai abin da ya jawo miki canjin launi da farin sitika. Waya tana auna haske da kanta duk daƙiƙa. Ta ga baƙar abaya za ta ɗauka duhu ya yi yawa, ta buɗe ido, abayar ta yi toka, hayaƙin ya ɓace. Ki danna yatsa a kan kaskon a allon ki riƙe har ki ga ta rubuta AE/AF Lock ko alamar kwaɗo ta fito, sannan ki ja alamar ranar da ke gefe ƙasa a hankali har abayar ta zama baƙa ƙirin. A nan za ki ga hayaƙin ya fito kamar farin zare. In kyamarar wayar ba ta kulle launi, akwai manhaja kyauta mai suna Open Camera, tana da maɓallin kulle haske da na kulle launi daban-daban.

Turaren kaɗan za ki sa, abin da yatsa biyu suka tsinka. Farkon tashinsa, siririn nan mai lanƙwasa, shi ake nema. In kin tula, a minti biyu ɗakin ya turnuƙe, baƙin bayan ya dusashe, sai kin buɗe ƙofa kin jira ya fita, ranar kuwa ba ta jira. A tazarar mita biyu daga taga hasken yana matsawa kusan rabin mita a awa ɗaya, don haka za ku dinga jan kujerar kuna bin sa. Ku ɗauka sau biyar ko shida, kowanne daƙiƙa 10 zuwa 15.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni kilishi nike saidawa, kuma irin wannan matsala munka samu amma ta wani gefe. Cikin inuwa munka ɗauka sai ya hito baƙi kamar tsohuwar fata. Wani yaro ya ce mu ɗaga shi sama mu sa rana bayanshi, sai ga jan nan ya hito, har kana ganin yaji da ƙuli jikinshi. Ashe dokar guda ce da hayaƙi. Tambayata, ƙuda fa? Da mun hito da shi waje sun taru.

Malam Sadiƙ mai kyamara:
Doka ɗaya ce, Alhaji. Duk abin da haske ke iya ratsawa, hayaƙi, zoɓo, zuma, kilishi mai sirara, daga baya ake haska shi. Ƙuda kuwa da sanyin safiya ba su cika kuzari ba, ku ɗauka kafin hantsi, ko a cikin ɗaki a bakin taga mai raga.

Ummu Sultan:
To humrar fa? Ai ita ma a ranar za a sa ta tunda ruwa ce.

Malam Sadiƙ mai kyamara:
A nan ne ake samun ciwon kai, don kwalba abu biyu take nema masu karo da juna. Ruwan ciki yana son haske daga baya, sitikar tana son haske mai laushi daga gaba. Mai waya ɗaya kada ya wahalar da kansa, ya yi ɗauka biyu.

Ta sitika a soro za a yi, tunda hotunan Hajiya sun riga sun nuna. Ƙofar da ke kallon arewa a wannan lokacin rana ba ta shiga ta, hasken sama kawai take samu, shi ya sa bai canza ba daga safe zuwa yamma. Ki ajiye kwalbar taku ɗaya ko biyu daga bakin ƙofa, ƙofar tana gefenta, ba a bayanta ba. Ɗaya gefen zai yi duhu, sai ki sayi farin kwali irin na 'yan makaranta guda biyu, ki jingine ɗaya a can ya dawo da hasken. Ki matso da shi ki ja da shi baya kina kallon allo, za ki ga inuwar tana ƙaruwa tana raguwa. Ki goge kwalbar ki ɗauke ta da ƙyalle, shatin yatsa yana fitowa a gilashi fiye da yadda ido ke gani. Wanda ke bayan wayar ya sa kaya masu duhu, in ba haka ba za ki gan shi zaune a jikin kwalbar da farar rigarsa.

Kada ku kusanta wayar sosai. Gilashin waya mai faɗin gani ne, in ya matso sai kwalbar ta kumbura ta tsakiya, rubutun kuma ya dusashe don ya kasa kamawa. Ku ja baya kamar kamu ɗaya. Ga wurin da na ce zan yarda da Abba: wannan ɗaukar kaɗai ku yi ta a 4K in wayar tana da shi, don in an zo haɗawa a iya yanko tsakiyar a faɗaɗa ba tare da rubutun ya farfashe ba. Yin haka ya fi jan hoton da yatsa biyu lokacin ɗauka kyau.

Abba Dijital:
Madalla, ashe dai ina da rana. Bari in ƙara ɗaya: hayaƙin a ɗauke shi a 60fps, wato hoto 60 a daƙiƙa ɗaya, in an rage gudunsa rabi a CapCut yana tafiya a hankali ba ya tsalle. Na gwada da shayi ana zubawa.

Malam Sadiƙ mai kyamara:
Wannan daidai ne, kuma a cikin hasken rana zai yi. Sai dai 60fps ya fi cin haske, in ɗakin ya yi duhu za ka ga baƙin bayan yana tsatsa kamar yashi. Ta gwada duka biyun ta zaɓa.

Barista Nura:
Ku yi haƙuri in kawo wani gefe. Tun 2022 akwai dokar da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON a madadin APCON, kuma ta tanadi a tantance talla kafin a sake shi, har da na kafafen sada zumunta. Kayan shafawa kuma suna ƙarƙashin NAFDAC. Hajiya ta kiyaye abin da za ta faɗa. Kada a ce turaren yana maganin wani abu, ko yana kore wani abu. Sannan waƙar mutane ba a ɗora ta a talla haka kawai.

Abba Dijital:
Barista, yanzu mai sayar da turare a sitatus ɗinta ma sai ta je an tantance? Ai da rabin matan Kano suna layi.

Barista Nura:
Abin da doka ta rubuta na faɗa. Yadda ake aiwatar da ita a kan ƙananan 'yan kasuwa magana ce daban, kuma ana ta jayayya a kai. Amma in za ta biya kuɗi a tura tallan ga jama'a, ko ta ba wata mai mabiya da yawa ta ɗora, to ta nemi bayani tukuna.

Maman Khairat:
Na ji Barista, ni dama ƙamshi kawai nake sayarwa, ba magani ba. Waƙa ma ba na so, muryata zan sa. To ya zan yi da injin markaɗe?

Zainab mai labarai:
Wannan fannina ne, a gidan rediyo nake aiki. Anti, kada ki yi magana lokacin ɗaukar hoto kwata-kwata. Duk sautin da ya shiga a cire shi. Muryar daban za ki ɗauka, da dare bayan unguwa ta yi shiru, ko bayan asuba kafin 'yan adaidaita su fito. Ki buɗe durowar kaya ki tsaya a bakinta kina fuskantar kayan da ke rataye, su za su shanye amon ɗakin. Wayar ta yi nisan taƙi ɗaya daga bakinki, ta ɗan gefe, don kada iskar "f" da "b" ta dinga bugunta.

Ki rubuta maganar tukuna. Daƙiƙa 20 ba ta ɗaukar fiye da kalma 40 zuwa 45 in ana so a ji ki da kyau. Ki karanta da agogo a hannu. Mutane suna cinye daƙiƙa biyar a sallama da gabatar da kai, kafin su kai ga kayan an wuce su. Ki fara da kayan, sunanki ya zo a ƙarshe. Kuma ki yi kamar ƙawarki kike gaya wa, kada ki ɗauko muryar masu sanarwa.

Hajiya Binta Sabon Titi:
A nan ban bi ki ba 'yata. Talla babu sallama? Mu masu sayenmu manyan mata ne, sai su ga rashin tarbiyya.

Zainab mai labarai:
Hajiya, ba na ƙin sallama. Ana iya rubuta ta a saman hoton farko, murya kuma ta shiga kai tsaye. Amma ke kika fi sanin mutanenki.

Hajiya Binta Sabon Titi:
Rubutacciyar sallama daban, ta baki daban. Ita dai ta zaɓa.

Maman Khairat:
Jama'a ga rahoto. Daren Juma'a na rubuta komai a takarda, na raba ɗaukar bisa haske kamar yadda Malam ya ce, na lissafa ɗauka bakwai: hayaƙi daga nesa, hayaƙi kusa, yatsa yana sa turare a garwashi, waɗannan uku a ɗaki da safe. Kwalba da sitika, da kwalabe uku a jere, a soro da hantsi. Cokali yana ɗebo turare, da hannu yana shafa humra a wuyan hannu, a baranda bayan la'asar. Na sayi kwali biyu da gawayi da data, ko rabin kuɗin ban kashe ba.

Asabar da safe muka tashi hazo ya rufe gari, ko bishiyar ƙofar gida da ƙyar ake gani. 8:15 ta yi, 9:00 ta yi, ranar ba ta shigo ba. Garwashi ya cinye. Raina ya ɓaci sosai. Sai ƙanina ya ce mu gwada haka nan. Muka matsar da kujerar daf da taga, muka ja hasken ƙasa kamar yadda aka koya mana, kuma wallahi hayaƙin ya fito. Ba mai ƙyallin nan ba, amma ana ganinsa yana murɗawa a kan baƙin. Na 60fps ya yi yashi kamar yadda Malam ya faɗa, muka bar shi.

Na soro ya yi kyau, ana karanta suna da lambar waya, sai dai kafin mu gama ƙura ta kwanta a kafaɗar kwalaben, sai da muka dawo ɗaki muka gani. Biyu daga ciki ba za su yi ba. Na baranda cokalin Hajiya ya fi komai kyau, maiƙon har sheƙi yake. Amma na shafa humra hannuna ya fito baƙi sosai, kamar ba nawa ba. Farin hijabi ne a jikina, ko shi ne?

Malam Sadiƙ mai kyamara:
Shi ne. Wayar ta ga fari ya cika hoton sai ta runtse don kada ya ƙone, fatar ta tafi da duhu. Ki sa atamfa ko mayafi mai matsakaicin launi, ruwan ƙasa ko kore mai duhu, ki kulle hasken a kan fatar hannun ba a kan kayan ba, kwalin kuma ki ajiye shi a cinyarki ya turo haske daga ƙasa. Ki duba ko akwai abin gyaran fuska a kunne, wayoyin nan da yawa da shi suke zuwa, yana shafe zanen fata hannu ya koma kamar roba.

Laifina ne ban gaya miki batun hazo ba, da hunturu dole a yi tsari biyu. In kin tashi kin ga inuwarki a ƙasa da baki mai kaifi, ranar hayaƙi ce. In inuwar ta dusashe ko babu ita, a fara da kwalba da hannu, don hazo labule ne a kan rana, ko a tsakar gida haske yana laushi. Ƙura kuma a ajiye ƙyalle a gefe, a goge kafin kowace ɗauka, kuma a duba abin da aka ɗauka nan take kafin a kwashe kaya, a faɗaɗa shi da yatsa a duba kafaɗar kwalba.

Abba Dijital:
Ni a ganina ta sake ɗaukar hayaƙin ranar da gari ya washe. Shi ne hoton farko, shi zai tsayar da yatsan mai kallo.

Hajiya Binta Sabon Titi:
Ni kuwa na ce cokalin ya zama na farko, hayaƙin da ta samu ya isa. Biki ba zai jira hazo ya yaye ba. Kowace mai turare hayaƙi take nunawa, maiƙon ne ba kowa ke da shi ba.

Malam Sadiƙ mai kyamara:
Ta haɗa guda biyu mana, kaya ɗaya ne, farkon kawai za a sauya. Ta ɗora ɗaya yau ɗaya jibi ta ga wanne ya fi kawo masu tambayar kuɗi, ba masu kallo ba. Abu ɗaya kafin ku haɗa: in a wayar ƙaninki za a yi aikin, ki tura masa bidiyoyin ta Document ko ta Xender, kada ki tura su yadda aka saba a WhatsApp, zai matse su tun kafin a fara, baƙin bayan hayaƙin ne kuma zai fara farfashewa. Rubutun kuɗi da lamba ku sa su a tsakiya zuwa sama kaɗan, don TikTok yana rufe ƙasa da gefen dama da nasa rubuce-rubucen.

Maman Khairat:
To. Gobe bayan la'asar zan sake na hannun da koren mayafi, kwalaben kuma da safe in na goge su. Muryar na ɗauka jiya a bakin durowa, ta kai daƙiƙa 26 da sallamar, 22 babu ita, na ajiye duka biyun. Zainab, in na turo miki ta akwatinki za ki saurara mini? Akwai wurin da nake jin numfashina ya yi yawa, ban sani ba ko a yanke ko in sake.

Zainab mai labarai:
Turo Anti, ta Document. In numfashin tsakanin jimla biyu yake za a yanke, in a tsakiyar kalma ne sai kin sake.